Kasa jerin kayan shago rukuni-rukuni a Excel, kowane rukuni da jimillarsa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ke riƙe da lissafin shagon kawuna a kasuwar Muda Lawal, nan Bauchi. Kayanmu sun kai kala ɗari uku, duk na shigar da su a Excel yadda suka zo. Kawu yana son ya ga hatsi daban, mai daban, kayan wanki daban, kowane da kuɗinsa, sannan jimillar duka a ƙasa. Na gwada da kaina, sai jimillar ta fito ninki biyu. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da kasuwa. Ninkin da ka gani, abin da ya fi kawo shi shi ne ka sa SUM a ƙarshen kowane rukuni, sannan ka sake jan wata SUM daga sama har ƙasa. Ita SUM ba ta bambance layin kaya da layin jimilla. Duk lambar da ta tarar a hanya ɗauka take, don haka ta ƙirga buhunan shinkafa sau ɗaya a layinsu, ta sake ƙirga su a cikin jimillar hatsi. Excel yana da abin da aka yi musamman don wannan aiki, sunansa Subtotal, kuma danna shi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Aikin gaske yana wajen gyara jerin kafin a danna, don haka can za mu fi daɗewa.

Yadda jerin zai kasance

Layi na farko na kanu ne kawai, kowane kolum da sunansa. Daga layi na biyu zuwa ƙasa, kowane layi kaya ɗaya. Kada a bar layi babu komai a tsakani, kada a haɗe gidaje biyu da Merge, kada kuma a rubuta "HATSI" da manyan baƙi a layi guda a matsayin kai sannan a jera kayan a ƙarƙashinsa. Wannan tsari na littafin hannu ne. A kwamfuta, rukuni kolum ne mai zaman kansa, kuma dole a rubuta sunan rukunin a kowane layi, ko da za a maimaita Hatsi sau sittin.

Ga ƙaramin misali da kaya takwas. Farashin na misali ne kawai don lissafi ya yi sauƙin bi, ba na kasuwar yau ba.

```
A  B            C              D      E   F       G
1  Hatsi        Shinkafa       buhu   20  60000   1200000
2  Mai          Man gyaɗa      jarka  12  50000   600000
3  Kayan wanki  Sabulun wanki  katan  25  12000   300000
4  Hatsi        Masara         buhu   15  40000   600000
5  Kayan wanki  Omo            katan  14  15000   210000
6  Mai          Manja          jarka  10  45000   450000
7  Hatsi        Wake           buhu   8   75000   600000
8  Kayan wanki  Sabulun wanka  katan  10  18000   180000
```

Kanun su ne Lamba, Rukuni, Kaya, Ma'auni, Adadi, Farashi da Kuɗi, daga A zuwa G. Kolum G ba da hannu ake cika shi ba. A gidan G2 ka rubuta wannan, ka ja shi har layi na ƙarshe:

```
=E2*F2
```

Kolum A, wato lambar jeri, kada ka raina shi. Da zarar ka jera kayan bisa rukuni, tsarin da suka shigo da shi ya tafi, kuma idan ka adana fayil ka rufe, babu maɓallin da zai dawo maka da shi. Da lambar jeri kuwa, sai ka sake jerawa bisa kolum A, komai ya koma mazauninsa. Lambobin ka rubuta su a matsayin lamba ta gaske, 1, 2, 3, ba fomula ba.

Ku kuma tsai da shawara da kawu a kan farashin da za a sa a kolum F. Idan abin da yake son sani shi ne nawa jarinsa yake kwance a shago, farashin sari za a sa. Idan abin da kayan za su kawo in an sayar ne, farashin sayarwa. Kowanne ka ɗauka, ya zama shi ne a dukan layuka ɗari ukun. Jerin da rabinsa sari rabinsa sayarwa zai ba da jimilla mai kyan gani da ba ta amsa kowace tambaya.

Sunayen rukuni

Nan ne jeri yake yawan lalacewa ba a lura ba. A idonka "Hatsi" da "Hatsi " abu ɗaya ne, amma na biyun yana da tazara a ƙarshe, kuma a wajen kwamfuta wani rukuni ne dabam. Mu masu rubuta Hausa muna da ƙarin tarko: wanda ya shigar da kaya da waya ya rubuta "Kayan kamshi", wani ya zo ya rubuta "Kayan ƙamshi" da ƙugiya, na uku ya taƙaita ya ce "K. kamshi". Rukuni ɗaya ya zama uku, kowane da jimillarsa.

Hanyar ganowa mai sauri ita ce ka danna gida ɗaya a cikin jerin, ka shiga Data ka kunna Filter, sannan ka buɗe 'yar kibiyar da ke kan Rukuni. Zai nuna maka sunayen da ke cikin kolum ɗin. Idan rukunanku bakwai ne ka ga suna goma sha ɗaya, to huɗu na kuskure ne. Zaɓi kowane kuskure, ka gyara layukansa, idan ka gama ka kashe Filter don duk layukan su bayyana. Tazarar ƙarshe ba a ganin ta da ido, don haka a wani kolum na wucin gadi ka sa `=TRIM(B2)` ka ja ƙasa, ka kwafe sakamakon, ka liƙa shi a kan kolum B da Paste Special, ka zaɓi Values, sannan ka goge na wucin gadin. 

Don kada abin ya dawo, zaɓi kolum B ka shiga Data Validation, a Allow ka ɗauki List, ka rubuta sunayen rukunan da waƙafi a tsakaninsu. Daga nan duk mai shigar da kaya zaɓa zai yi, ba rubutawa ba. Ina ba da shawarar kada rukunan su wuce goma ko sha biyu a shago irin naku. Kuma a yi hattara da rukunin "Sauran kaya", domin duk abin da yaron shago bai san inda zai sa ba can yake jefa shi, kafin wata uku ya fi kowane rukuni kuɗi.

Abu na biyu da za a duba shi ne lambobin da ba lambobi ba. Idan aka rubuta N75,000 da harafin N a gaba, ko "8 buhu" a gidan adadi, Excel ya ɗauke su rubutu. Fomular G za ta nuna `#VALUE!`, wanda gara haka, domin ka gani ka gyara. Wanda ya fi haɗari shi ne kuɗin da aka rubuta da hannu a G ya zauna a matsayin rubutu, domin jimilla za ta tsallake shi ba tare da ta ce komai ba. A misalinmu, da kuɗin wake ne ya zama haka, hatsi zai fito 1,800,000 maimakon 2,400,000. Alamarsa ita ce lambar ta jingina hagu a gidanta alhali sauran suna dama, wani lokaci da ɗan koren tabo a kusurwa. Ka gwada waɗannan biyu a gefe, nesa da jerin, a naka jerin kuma ka canja 9 zuwa lambar layinka na ƙarshe:

```
=COUNTA(C2:C9)
=COUNT(G2:G9)
```

Ta farko tana ƙirga sunayen kaya, ta biyu tana ƙirga lambobi na gaske kaɗai. Idan ta farko ta ce 8 ta biyu ta ce 7, akwai layi ɗaya da kuɗinsa ba ya shiga lissafi. Alamar naira kuma, idan ana son ta, ta hanyar Format Cells ake sa ta, ba a buga ta da hannu.

Jerawa da danna Subtotal

Kada ka yi wannan a kan asalin jerin. Danna sunan shafin a ƙasa da maɓallin dama, ka zaɓi Move or Copy, ka sa alama a Create a copy. Asalin ka sa masa suna Kaya, kwafin ka kira shi Rahoto. A kan Rahoto za mu yi aiki.

Da farko jerawa. Danna gida ɗaya kawai a cikin jerin, ka shiga Data, ka danna Sort. Tabbatar akwai alama a My data has headers, sannan a Sort by ka ɗauki Rukuni. Idan kana son kayan cikin kowane rukuni su ma su bi baƙi, danna Add Level ka ƙara Kaya. Kada ka haskaka kolum B shi kaɗai ka jera, domin idan ya tambaye ka ka ƙi Expand the selection, sunayen rukuni ne kaɗai za su motsa, masara ta koma kayan wanki. Jerawar nan tilas ce saboda yadda Subtotal yake aiki: yana sauka layi-layi, duk inda sunan rukuni ya canja sai ya cusa jimilla. A jerinmu da ba a jera ba, sunan yana canjawa a kowane layi, don haka zai ba ka jimilla takwas, hatsi kaɗai sau uku.

Bayan jerawa, a cikin Data ɗin dai, can gefen dama wajen Outline, danna Subtotal. A At each change in ka ɗauki Rukuni. A Use function ka ɗauki Sum. A Add subtotal to ka sa alama a Kuɗi kaɗai. Bar alamar Summary below data yadda take, ka danna OK. Idan ka tarar maɓallin Subtotal ya dusashe ba ya dannuwa, jerinka an mayar da shi Table ne, wato tsarin jeri na musamman na Excel. Sai ka danna cikinsa, ka shiga Table Design, ka zaɓi Convert to Range, maɓallin zai farfaɗo.

Ga abin da zai fito a kolum B da G:

```
5   Hatsi Total        =SUBTOTAL(9,G2:G4)    2400000
9   Kayan wanki Total  =SUBTOTAL(9,G6:G8)    690000
12  Mai Total          =SUBTOTAL(9,G10:G11)  1050000
13  Grand Total        =SUBTOTAL(9,G2:G11)   4140000
```

Dubi layi na 13 da kyau. Ya fara daga G2, ya ratsa ta kan G5 da G9 inda jimillolin hatsi da kayan wanki suke, amma ya ba da 4,140,000, wanda shi ne daidai. Dalili shi ne SUBTOTAL tana tsallake duk gidan da ke ɗauke da wata SUBTOTAL. Lambar 9 da ke farko ita ce ke ce mata ta tara. Da `=SUM(G2:G12)` ka sa a wurin, 8,280,000 za ka gani, ninkin nan naka ke nan. Kuma wannan tsallakewar tana aiki ne kawai idan jimillolin rukunan su ma SUBTOTAL ne. Idan ka bar tsofaffin SUM ɗinka a ƙarshen rukunai ka canja ta ƙasa kaɗai, ninkin yana nan. Saboda haka ka goge duk layukan jimillar da ka sa da hannu tun kafin ka jera.

Na ce Kuɗi kaɗai za a tara, ga dalili. Tara kolum na farashi ba shi da ma'ana ko kaɗan, kuɗin buhu ɗaya a haɗa da kuɗin wani buhu ɗaya ba ya gaya maka komai. Adadi kuwa yana da amfani a cikin rukunin da ma'auninsa ɗaya ne: hatsi buhu 43, kayan wanki katan 49, mai jarka 22. Amma Grand Total zai haɗa su ya ce 114, kuma 114 ɗin nan ba buhu ba ne, ba katan ba, ba jarka ba. A shago na gaske ma ko a cikin hatsi za ka tarar da buhu da rabin buhu da mudu a cakuɗe. Idan kawu yana son adadin, sa alama a Adadi, sannan ka goge gidan adadi na layin ƙarshe, kuma ka tabbata kowane rukuni ma'auni ɗaya yake bi.

A gefen hagu, sama, za ka ga ƙananan lambobi 1, 2, 3. Danna 1 ka ga jimillar duka kaɗai, danna 2 ka ga jimillolin rukunai da ta duka, danna 3 komai ya bayyana. Na 2 shi ne wanda kawu zai so a buga masa a takarda. Idan kana son layukan jimilla su yi kauri su fita daban, danna 2, haskaka abin da ke bayyane, ka danna Alt tare da `;`, sannan Ctrl da B. Wannan Alt da `;` ɗin yana zaɓar gidajen da ake gani kaɗai. Haka ma idan za ka kwafe taƙaitaccen rahoton zuwa wani wuri, sai ka fara danna shi, in ba haka ba duk layuka ɗari ukun da ke ɓoye za su biyo ka. Kalmomin Total da Grand Total rubutu ne kawai, kana iya mayar da su "Jimillar hatsi" da "Jimillar duka" ba tare da lissafin ya taɓu ba.

Tabbatarwa

Kafin ka miƙa takarda, koma shafin Kaya, wanda ba a taɓa ba, ka sa wannan a gefe:

```
=SUMPRODUCT(E2:E9,F2:F9)
```

Tana ninka adadi da farashi layi-layi ta tara, ba ta bi ta kolum G ba sam. Idan ta ba da 4,140,000 kamar Grand Total, hanyoyi biyu sun haɗu a wuri ɗaya. Idan sun saɓa, ko dai wani ya rubuta lamba da hannu a kan fomular G, ko akwai adadi ko farashin da ya zauna a matsayin rubutu.

Abu biyu kuma suna canja jimillar ba tare da kuskure ba. Idan Filter yana kunne, SUBTOTAL tana tara abin da ya rage a bayyane ne kawai, don haka Grand Total zai ragu. Dubi lambobin layi a hagu, idan sun koma shuɗi, akwai tacewa a kunne. Na biyu, za ka ga wasu suna cewa a sa 109 maimakon 9. Ita 109 tana barin layukan da aka ɓoye da hannu ma, saboda haka idan ka naɗe rahoton da maɓallin 2, jimillolin za su koma sifili. A wannan aikin ka bar 9.

Idan sabon kaya ya shigo

Nan ne iyakar wannan hanya. Rahoton Subtotal hoto ne na ranar da aka yi shi. Idan ka cusa sabon layi a tsakiyar rukuni, fomular tana faɗaɗa da kanta. Idan kuwa ka cusa shi daf da layin jimilla, ko ka rubuta shi can ƙasan Grand Total, yana iya zama a waje ba ya cikin lissafi. A ce gero buhu 10 a kan 38,000 ya shigo, ka sa shi a layi na 5 a saman Hatsi Total. Ya kamata hatsi ya koma 2,780,000. Idan ya tsaya a 2,400,000, danna gidan jimillar za ka ga har yanzu G2:G4 take karantawa. Abin da ya fi shi ne kada a gyara Rahoto da hannu ko kaɗan. Sabon kaya a shigar da shi a Kaya, ranar da ake son rahoto a goge tsohon, a sake kwafa, a jera, a danna Subtotal. Idan kuma kana son cire jimillolin daga shafi, a cikin akwatin Subtotal ɗin akwai Remove All.

Idan abin da kuke buƙata kullum shi ne jimillolin kaɗai, ba sai da jerin kayan a ƙarƙashinsu ba, akwai hanyar da ba ta bukatar jerawa. Buɗe sabon shafi, ka rubuta sunayen rukunan a A2, A3, A4, a B2 kuma ka sa wannan ka ja ƙasa:

```
=SUMIF(Kaya!B:B,A2,Kaya!G:G)
```

A B5 ka sa `=SUM(B2:B4)`. Nan SUM ba ta da laifi, domin jimilloli kaɗai ke samanta. Wannan yana sabunta kansa duk lokacin da aka ƙara layi a Kaya. Rauninsa shi ne idan an shigar da sabon rukuni, ko an yi kuskuren rubuta suna, kuɗin layin ba zai bayyana ko'ina ba. Don haka a B6 ka ajiye mai gadi:

```
=SUM(Kaya!G:G)-B5
```

Dole ya nuna 0. Duk ranar da ya nuna wata lamba, wannan shi ne kuɗin kayan da ba su sami rukuni ba. Sharaɗinsa kada a sa wata jimilla a cikin kolum G na shafin Kaya.

Wannan hanyar ce kuma za ta fisshe ka idan a waya kake aiki, domin manhajar Excel ta waya ba ta da maɓallin Subtotal, haka ma Google Sheets, ko da yake duka biyun sun san fomular SUBTOTAL da SUMIF idan ka rubuta da hannu. PivotTable, wato teburin taƙaita lissafi na Excel, shi ma yana yin aikin, a jawo Rukuni da Kaya zuwa Rows, a jawo Kuɗi zuwa Values, sai dai a tuna da danna Refresh bayan an ƙara kaya, a kuma duba cewa Sum of ya rubuta ba Count of ba. Ga shagonku, ni zan ajiye shafin SUMIF don dubawa ta yau da kullum, in riƙa fitar da rahoton Subtotal ranar ƙidayar kaya ta ƙarshen wata, lokacin da kawu zai so ya riƙe takarda ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙidayar kada ku bar ta, domin idan an rubuta shinkafa buhu 20 alhali 18 ne a sito, duk fomulolin nan za su yarda da 20, jimillar ta haura gaskiya da naira 120,000.